Shiru Iri Biyu: Sharhi a Kan Jigon Kira-ba-amsa da Tawaye a Littafin "Baƙo" na Albert Camus

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1942, lokacin da sojojin Jamus suke mamaye da birnin Paris, kamfanin ɗab'i na Gallimard ya fitar da littattafai biyu na wani matashin marubuci haifaffen ƙasar Aljeriya mai suna Albert Camus. Na farko ƙagaggen labari ne, L'Étranger, wanda za mu riƙa kira "Baƙo" a wannan maƙala. Na biyu kuwa dogon bayani ne na falsafa, Le Mythe de Sisyphe, wato "Tatsuniyar Sisifus". Tun daga wancan lokaci manazarta suka saba karanta su tare, suna ɗaukar ɗaya a matsayin darasi, ɗayan kuma a matsayin misalin da ke gaskata darasin.

Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin bin diddigin wannan karatu, domin a ga inda ya tsaya da ƙafafunsa da kuma inda ya yi tuntuɓe. Abin da muke son nunawa shi ne, akwai shiru iri biyu a cikin "Baƙo". Akwai shirun duniya, wanda falsafar Camus ta yi magana a kansa, akwai kuma shirun mutanen da aka hana su baki. Littafin ya gwama su wuri guda, kuma aikin mai karatu ne ya rarrabe su, domin tawayen da ya dace da na farko bai dace da na biyu ba.

2.0 Ma'anar Kira-ba-amsa

Mutane da dama kan kira wannan tunani da sunan "falsafar rashin ma'ana". Wannan suna ya gaza, domin ya ɗora matsalar gaba ɗaya a kan duniya. Kalmar da Camus ya yi amfani da ita a Faransanci ta samo asali daga Latin, inda take nufin sautin da bai daidaita ba, kuma tushenta yana da dangantaka da kurumta. Saboda haka muka zaɓi mu kira ta "kira-ba-amsa", domin wannan suna ya ƙunshi ɓangarori ukun da marubucin ya ce sai sun haɗu kafin abin ya samu: mai kira, wanda ake kira, da kuma tazarar da ke tsakaninsu.

Mai kiran shi ne ɗan Adam, wanda ba ya iya zama ba tare da tambayar dalili ba. Yana so ya san me ya sa ake wahala, me ya sa yaro ke mutuwa tsoho na raye, me ya sa aikin shekara da shekaru ke rushewa dare ɗaya. Wanda ake kiran kuwa ita ce duniya, da ranarta da tekunta da duwatsunta, waɗanda ba su taɓa tanka wa kowa ba. A ganin Camus, dutse shi kaɗai ba shi da wata matsala, haka nan mutum da zai daina tambaya da ya huta. Matsalar tana aukuwa ne a wurin karon, kamar yadda tafi ba ya samuwa sai hannu biyu sun haɗu. Ya nuna cewa yawancin mutane kan yi rayuwarsu cikin sabo, daga gida zuwa wurin aiki, daga wurin aiki zuwa gida, mako bayan mako, har ranar da tambayar "don me?" za ta faɗo musu ba shiri.

Idan mutum ya kai wannan matsayi, in ji Camus, hanyoyi uku ne a gabansa. Ta farko ita ce ya kashe kansa, kuma da wannan tambaya ce ya buɗe littafin falsafar tasa. Ya ƙi wannan hanya, domin mai yin haka ya kawar da mai kiran ne kawai, bai samo amsar ba. Ta biyu ita ce ya yi tsalle ya rungumi wata amsa da hankalinsa bai kai shi gare ta ba, abin da ya zargi masana irin su Kierkegaard da Jaspers da Chestov da aikatawa, har ya kira shi kashe kai ta fuskar tunani. Ta uku, wadda ya zaɓa, ita ce tawaye: mutum ya ci gaba da kiran, yana sane cewa ba za a amsa ba, bai yaudari kansa ba, bai kuma sallama ba.

A nan ne ya kawo tatsuniyar Girkawa ta Sisifus, wanda allolinsu suka yanke wa hukuncin tura dutse zuwa kan tsauni, da zarar ya kai sai dutsen ya gangaro, shi kuma ya sake saukowa ya fara, har abada. Abin da ya fi jan hankalin Camus shi ne lokacin saukowar, lokacin da hannuwan Sisifus ba su riƙe da komai, yana da sukunin tunani, ya san sarai abin da ke jiransa a ƙasa, amma ya ci gaba da takawa. A wannan sanin ne marubucin ya ga ɗaukakar mutumin, har ya nemi mai karatu ya ƙaddara cewa yana cikin farin ciki.

Wajibi ne a faɗi abu guda tun a nan. Camus ya gina tunanin nasa ne a kan sharaɗin cewa babu wata amsa da ke zuwa daga wajen duniya, ko kuwa idan akwai ta, hankalinsa bai iya tabbatar da ita ba. Mai karatu da ya yi imani da wahayi da ranar sakamako ba zai karɓi wannan sharaɗi ba, a wurinsa an riga an amsa kiran. Sai dai ƙin amincewa da tushen bai hana a duba ginin da aka ɗora a kai ba. Aikin mai sharhi shi ne ya auna littafi da ma'aunin da littafin ya kawo da kansa, sa'annan ya faɗi ko ya cika mudun ko bai cika ba.

3.0 Zubi da Salon "Baƙo"

An kasa littafin kashi biyu, na farko babi shida, na biyu babi biyar, kuma tauraron, Meursault, shi ne ke ba da labarin da bakinsa. Ƙaramin akawu ne a wani ofis a birnin Aljas. Labarin ya soma da saƙon rasuwar mahaifiyarsa a gidan kula da tsofaffi da ke Marengo, kimanin kilomita 80 daga birnin. Ya je, ya ƙi a buɗe akwatin ya ga fuskarta, ya sha gahawa da madara, ya sha taba a gaban gawar, bai yi kuka ba. Washegarin jana'iza ya tafi iyo a teku, ya haɗu da Marie Cardona, wadda ta taɓa aiki a ofishinsu, suka tafi kallon fim na barkwanci, suka kwana tare. Da maigidansa ya yi masa tayin komawa Paris, sai ya nuna duk ɗaya ne a wurinsa. Da Marie ta tambaye shi ko zai aure ta, ya yarda, amma da ta tambaye shi ko yana son ta, sai ya ce tambayar ba ta da wani nauyi, kuma da alama ba ya son ta.

Salon littafin shi ne babban makamin da ya isar da jigon. Jumlolin gajeru ne, kuma da wuya a ga kalmomin da ke ƙulla sababi da sakamako, irin su "domin" da "saboda haka". Wannan ya faru, sai wancan ya faru, sai kuma wani abu ya faru. Jean-Paul Sartre, a sharhin da ya yi wa littafin a 1943, ya lura cewa kowace jumla tana tsaye ne ita kaɗai kamar tsibiri, ya kuma danganta wannan da irin lokacin aikatau da Camus ya zaɓa, wanda Faransawa suka fi amfani da shi a hira ta yau da kullum fiye da rubutun adabi. Sakamakon haka, mutuwar uwa da ɗanɗanon gahawa da zafin rana duk sun zo da nauyi ɗaya a shafi. Mai karatu ya ga duniya yadda take kafin a yi mata fassara.

A kashi na biyu sai aka juya al'amarin. Duk abubuwan da muka gani a warwatse a kashi na farko, sai mai gabatar da ƙara ya tattaro su a kotu ya zura su a zare ɗaya kamar tsakiya. Gahawar da tabar da fim ɗin barkwancin duk suka zama hujjar cewa mutumin ba shi da zuciya, kuma wanda ya binne uwarsa ba hawaye zai iya kisa da gangan. Har ma aka alaƙanta shari'arsa da ta wani da ya kashe mahaifinsa, wadda za a saurara bayan tasa. Da aka tambayi Meursault dalilin kisan, sai ya ce rana ce ta jawo, mutanen kotu suka yi dariya. A nan Camus ya yi nasara ƙwarai. Ya nuna ƙishirwar ma'ana a aikace: jama'a ba za su iya jure aikin da ba shi da dalili ba, don haka sai sun ƙirƙiro masa dalili, ko da kuwa ƙirƙirar za ta ci ran mutum.

Babin ƙarshe shi ne ƙolin littafin. An yanke wa Meursault hukuncin fille kai a bainar jama'a da sunan al'ummar Faransa. Ya ƙi ganin limamin cocin gidan yari har sau uku, amma limamin ya shigo ba da izininsa ba, yana yi masa maganar tuba da wata rayuwa. A nan ne mutumin da bai taɓa ɗaga murya ba ya fusata, ya shaƙi wuyan rigar limamin, ya amayar da abin da ke cikinsa: rayuwar nan ita kaɗai ce yake da tabbacinta, mutuwa kuma ta daidaita kowa. Bayan an janye limamin sai natsuwa ta sauko masa, ya ji ƙamshin dare da na ƙasa da na gishirin teku, ya ga cewa halin ko-in-kula na duniya ya yi kama da nasa, ya kuma tabbatar wa kansa cewa ya yi farin ciki a rayuwa. Wannan shi ne Sisifus yana saukowa daga tsauni. Har zuwa nan, darasi da misali sun dace.

4.0 Mutumin da Ba Shi da Suna

Sai dai mun tsallake abu guda a taƙaitawar da muka yi, kuma kotun cikin littafin ma ta kusa tsallake shi. An kashe mutum. Ya kamata mu koma mu bi yadda aka kai ga kisan, taki bayan taki.

Meursault yana da maƙwabci mai suna Raymond Sintès, wanda unguwa ke raɗe-raɗin cewa kawalci ne sana'arsa. Raymond yana zargin farkarsa da cin amana, ya riga ya yi mata duka, kuma yana son ya ƙara wulaƙanta ta. Sai ya roƙi Meursault ya rubuta masa wasiƙar da za ta yaudare ta ta dawo. Meursault ya rubuta. Da ya ji sunanta ne ya gane 'yar ƙasa ce, amma bai gaya mana sunan ba. Matar ta zo, Raymond ya lakaɗa mata duka har ɗan sanda ya shigo, daga baya kuma Meursault ya je ofishin 'yan sanda ya ba da shaidar da ta goyi bayan Raymond, ba a ko bincika maganarsa ba. Ɗan'uwan matar ne ya shiga bin sawun Raymond. Ranar wata Lahadi a bakin teku, kusa da bukkar wani abokin Raymond mai suna Masson, aka yi faɗa, aka yanki Raymond a hannu da baki. Meursault ya karɓi bindigar Raymond, da nufin hana shi harbi. Can daga baya ya koma shi kaɗai wajen wata 'yar maɓuɓɓuga a bayan dutse, ya tarar da mutumin a kwance. Mutumin ya zaro wuƙa, hasken rana ya faɗa kan ƙarfen ya doki idon Meursault, gumi ya rufe masa gani, ya harba sau ɗaya. Ya ɗan dakata, sa'annan ya ƙara harbi huɗu a jikin da ya daina motsi.

Camus ya rubuta wannan fage da gwaninta, ta yadda mai karatu zai ji kamar rana ce ta ja kunamar bindigar. Duk wanda ya taɓa tafiya a tsakiyar rana cikin bazara ya san yadda zafi kan dagula tunani. Amma idan aka jera matakan kamar yadda muka jera su, za a ga cewa rana ta zo ne a ƙarshen wata sarƙa da hannun mutum ya ƙera: wasiƙa, duka, shaida, bindiga, komawa. Kowace mahaɗa a cikin sarƙar tana da mai ita. A gabatarwar da ya rubuta wa wani bugun Amurka a 1955, Camus ya bayyana tauraron nasa a matsayin mutumin da aka hukunta don ya ƙi yin ƙarya. Gaskiya ne ya ƙi yin ƙarya game da abin da yake ji a zuciyarsa. Amma wasiƙar da ya rubuta tarko ce, ya kuma san tarko ce. Ke nan gaskiyar tasa ta tsaya ne a kan kansa, ba ta kai ga matar da aka daka ba.

Abin lura na biyu shi ne rabon sunaye da rabon magana. Kusan duk wani Bature da ke da rawar takawa a littafin yana da suna: Marie, Raymond, Masson, Céleste mai gidan abinci, tsoho Salamano mai kare, Thomas Pérez abokin marigayiya. Wanda aka kashe kuwa "Balarabe" kawai ake ce masa daga farko har ƙarshe, kuma bai furta kalma ko ɗaya ba. A kotu an kira shugaban gidan tsofaffi da mai gadinsa da abokan Meursault, amma ba a kira 'yar'uwar mamacin ba, ba a kira abokin da ke tare da shi a faɗan farko ba. Yadda aka siffanta Larabawan ma abin dubawa ne. Suna tsaye ko suna kwance, suna kallo ba magana, ɗaya yana busa 'yar sarewa mai sauti uku yana maimaitawa. Har an kwatanta kallon da suke yi wa Turawan da kallon da akan yi wa duwatsu ko matattun itatuwa. Wato an ajiye su a ɓangaren teku da rairayi, ɓangaren duniyar da ba ta amsawa, maimakon ɓangaren masu kira.

Akwai wani ɗan fage da ke tona wannan asiri. Ranar da aka fara kai Meursault gidan yari, an saka shi a ɗaki da fursunoni da yawa, akasarinsu Larabawa. Suka yi dariya da suka gan shi, suka tambaye shi abin da ya yi. Ya ce ya kashe Balarabe. Sai suka yi tsit. Jim kaɗan, da dare ya yi, ɗaya daga cikinsu ya nuna masa yadda zai naɗe gefen tabarmarsa ya yi matashi. Hausawa kan ce shiru ma magana ce, kuma wannan shirun cike yake da ita. Shirun mutane ne masu baki da tunani, waɗanda suka san matsayinsu a ƙasar da ake mulkinsu, suka auna, suka haɗiye. Teku ba ta auna komai kafin ta yi shiru, kuma ba ta nuna wa kowa yadda ake shimfiɗa tabarma.

Daga nan za mu iya fitar da ma'aunin rarrabe shirun biyu. A duk inda aka yi kira ba a amsa ba, sai a tambaya: shin akwai wanda zai iya amsawa? Idan babu, kamar tambayar me ya sa mutuwa ta zama makomar kowa ga wanda bai yarda da wahayi ba, to wannan shi ne kira-ba-amsa na falsafa. Idan kuwa akwai mai iya amsawa, amma an toshe masa baki ko shi ya toshe kunnensa, to sunan abin zalunci, kuma yana da mai shi da za a iya nunawa da yatsa. Haɗarin gwama su shi ne, zalunci kan samu mafaka a inuwar falsafa, a ce ai haka duniya take.

5.0 Martanin Manazarta da na Adabi

Conor Cruise O'Brien, a ɗan littafin da ya rubuta kan Camus a 1970, ya yi nuni da cewa da wuya kotun mulkin mallaka ta yanke wa Bature hukuncin kisa don ya harbe ɗan ƙasa da ya zaro masa wuƙa, don haka shari'ar ta ba tsarin wata kamala da ba shi da ita. Edward Said ma, a 1993, ya karanta rashin sunan mamacin a matsayin alamar yadda idon mai mallaka ke kallon ƙasa ba tare da ganin masu ita ba. Masu kare Camus kuwa kan ce da gangan ya yi, domin ya fallasa al'ummar da ta fi damuwa da hawayen jana'izar Baturiya a kan jinin ɗan ƙasa. Wannan kariya tana da ƙarfi, musamman idan aka tuna cewa Camus ɗan talakawa ne da ya tashi a unguwar Belcourt ta Aljas, maraya tun 1914, a hannun uwa mai raunin ji da ba ta iya karatu ba, kuma a 1939 ya rubuta jerin rahotanni a jaridar Alger républicain kan yunwa da fatara a yankin Kabiliya. Ya san abin da ke faruwa. Amma ko da an yarda fallasa ce, rauninta a fili yake: a daren ƙarshe, lokacin da Meursault ya kai ga wayewarsa, ya tuna mahaifiyarsa, ya tuna Marie, ya tuna karen Salamano, mutumin da ya kashe kuwa bai samu gurbi a tunanin ba. Littafin kuma ya gabatar da wannan dare a matsayin nasara.

Amsa mafi kaifi daga adabi ta fito. A 2013 marubucin Aljeriya Kamel Daoud ya fitar da Meursault, contre-enquête, wato sake binciken shari'ar Meursault. Mai ba da labarin wani tsoho ne, Haruna, da ke zaune a wata mashaya a birnin Oran, yana cewa shi ƙanen mamacin ne, kuma sunan yayansa Musa. Da wannan suna kaɗai an mayar da mutumin cikin sahun masu kira. Abin da ya ɗaga darajar littafin Daoud shi ne bai tsaya ga ramuwa ba. Haruna ma ya kashe wani Bafaranshe a 1962, a daidai kwanakin samun 'yancin kai, kuma jami'in da ya tuhume shi bai damu da ran da aka kashe ba, abin da ya dame shi shi ne an yi kisan bayan yaƙi ya ƙare maimakon a cikinsa. Haka Haruna ya wayi gari shi ma baƙo a ƙasarsa. Daoud ya karɓi tambayar Camus, ya ƙi yarda a ce ta Turawa ce su kaɗai.

6.0 Tawayen da Ya Girma

Adalci ne a ce Camus bai tsaya inda "Baƙo" ya tsaya ba. Shekarun da ya yi cikin masu gwagwarmaya da mamayar Jamus, yana aiki a jaridar Combat, sun nuna masa giɓin da ke cikin tunaninsa na farko: idan komai nauyinsa ɗaya, da wace hujja za a la'anci mai kisa? A La Peste, wato "Annoba", na 1947, tawaye ya tashi daga ɗakin fursuna ɗaya ya koma aikin gayya. Likita Rieux yana yanka ƙuraje yana ƙirga gawarwaki, ba shi da tabbacin nasara. Tarrou ya kafa ƙungiyoyin sa-kai na tsafta. Grand, ƙaramin ma'aikaci, yana riƙe da lissafin matattu. Rambert, ɗan jarida da ya yi ta neman hanyar sulalewa daga garin, ya fasa tafiya a lokacin da hanyar ta samu. Bayan sun kalli mutuwar ƙaramin ɗan alƙali Othon, Rieux ya gaya wa Fada Paneloux cewa ba zai taɓa amincewa da tsarin da ake azabtar da yara a cikinsa ba, amma ya yarda su yi aiki tare. A L'Homme révolté na 1951 kuwa, Camus ya bayyana ɗan tawaye da bawan da ya ce a'a, ya ja iyaka, wanda kuma da faɗin haka ya tabbatar da wata daraja da yake tarayya da sauran mutane a cikinta, har da ubangidan nasa. Saboda haka tawayen da ya halatta kisa ya ci amanar tushensa. Wannan matsayi ne ya raba shi da Sartre a 1952.

Idan aka ɗora Meursault a kan wannan ma'auni na biyu, wanda Camus da kansa ya ƙera, sai a ga bai cika ba. Ya ce a'a ga limami, ya ce a'a ga ƙaryar kotu, amma bai ce a'a ga Raymond ba, a daidai wurin da a'a ɗin za ta ceci mace daga duka da namiji daga harsashi. Har ila yau, shi kansa "Annoba" bai warke sarai daga ciwon ba. A Oran aka kafa labarin, kuma Rambert ya zo garin ne don binciken halin rayuwar Larabawa, amma bayan wannan ambato da wuya a sake jin ɗuriyarsu, a cikin masu mutuwa ko a cikin masu ceto.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta yi ƙoƙarin nuna cewa "Baƙo" ya yi nasarar zana karon da ke tsakanin ƙishirwar ma'ana da shirun duniya, ta hanyar salon jumlolinsa da kuma zubinsa mai kashi biyu. Ta kuma nuna cewa littafin ya cusa wani shiru na daban cikin na farko, wato shirun mutumin da aka kashe ba a ambaci sunansa ba. Camus ya karɓi kyautar Nobel a 1957, ya rasu a haɗarin mota ranar 4 ga Janairu, 1960, shekara biyu kafin Aljeriya ta samu 'yanci, bai kai ga warware wannan ƙulli ba.

Ga matasan marubutanmu da wannan jigo ke burge su, darasin na aiki ne. Kafin marubuci ya sa tauraronsa ya ɗaga kai sama yana kukan cewa duniya ta ƙi amsa masa, ya fara ƙirga mutanen da ke cikin labarin nasa, ya ga wa ya ba suna, wa ya ba baki, wa kuma ya bari tsaye a bango kamar kayan ɗaki. Sau da yawa amsar da tauraron ke nema tana bakin wanda ba a tambaya ba.